Littafin ƙorafi: kada ka rubuta "an gyara" sai mai kaya ya tabbatar

"Maigida, an ɗora ni a teburin karɓar ƙorafi a shagon kayan sola nan Garwa. Na ja littafi gurbi huɗu: rana, suna, matsala, an gyara. Mai shago yana so duk ƙarshen wata in gaya masa kashi nawa muka warware da kuma saurinmu. Me zan ƙara?"

Yaro, wannan gurbin naka na "an gyara" shi ya cinye wa wani ɗan'uwanmu sefa 360,000 a shagonsa, kuma har yau in maganar ta taso raina ɓaci yake yi, don asara ce da biro da ido kaɗai za su hana.

A watan Maris wani mutum ya sayi batir mai 200Ah a kan sefa 180,000, da garanti na shekara guda. Afrilu ya dawo da batir a kumbure, rasit a hannu. Ka san zafin Garwa a Afrilu, ya kan wuce digiri 40, batir kuwa ba ya jure zafi, don haka ba wanda ya yi mamaki. Yaron tebur ya rubuta "batir ya lalace", ya miƙa sabo, ya sa "an gyara". A watan Mayu sai ga wani saurayi, wai ƙanen mutumin ne, da hoton rasit ɗin a waya da wani batir matacce. Suna daban, shafi daban, yaro ya buɗe sabon layi, ya sake miƙa sabo. Sai a zuwa na uku mai gyaran shagon ya duƙa ya shafa takardar da ke liƙe a jikin batir, ya ji gefenta ya ɗago, ƙarƙashi akwai gurbin tsohon gam. Lambar jikin kaya da ke bayan `S/N` ba ta cikin kayan da shagon ya taɓa shigo da su. Ashe mutumin tsofaffin batura irin wannan samfurin yake saye wurin 'yan gwangwan, yana kawowa a musanya masa. Dillalin Duwala da ke kawo wa shagon kaya ya ƙi karɓar matattun, ya ce ba nasa ba ne, kuma da gaskiyarsa. Abin takaicin, rahoton watannin nan biyu cewa ya yi an warware ƙorafin batir duka a rana ɗaya, har an yaba wa yaron.

Saboda haka kada ka jingina littafinka a kan suna. Suna kowa yana iya arowa. Kowane ƙorafi ka ba shi lambarsa, kusa da ita lambar rasit, sannan lambar jikin kaya, wadda dole mai sayarwa ya rubuta a rasit tun ranar ciniki. In an yi musanya, lambar tsohon da ta sabon duka su shiga layi ɗaya, a buga hatimi a ainihin rasit, hoton waya ba ya karɓuwa. Kafin ka buɗe sabon layi ka duba baya ko wannan rasit ya taɓa zuwa. In ya taɓa zuwa cikin kwana 30 da matsala iri ɗaya, tsohon layin za ka koma ka rubuta "ya dawo". Ku yaran yanzu ganda ce ke hana ku juya shafi uku baya, yatsa ya saba da shafar waya. Ko a kwamfuta ka zuba shi, ƙa'idar ba ta canzawa.

Rabe-raben ƙorafi kada su wuce shida: kaya ya lalace, aikin haɗawa, kuɗi da rasit, jinkirin kai kaya, halin ma'aikaci, sauransu. Amma gurbi biyu za ka yi, ɗaya na abin da mai kaya ya faɗa, ɗaya na abin da mai gyara ya gano. Mutum goma za su ce maka batir ba ya riƙe wuta. In aka je gidajensu, wani firji ya ɗora wa abin da aka haɗa don fitila da fanka, wani ƙurar hunturu ta rufe masa farantin sola, wani waya ce siririya. In gurbi ɗaya gare ka, mai shago zai yi ta faɗa da dillali a kan laifin masu haɗawarsa. "Sauransu" kuwa in ta wuce ɗaya cikin goma, rabonka ne bai yi ba, ka karanta layukan ka fitar da sabon kashi.

Lokaci uku ake rubutawa, kowanne da rana da awa: sa'ad da ƙorafi ya shigo, sa'ad da aka ba da amsar farko, sa'ad da aka rufe. "Mun ji, za mu duba" ba ta shiga lissafin amsa. Amsa ita ce an gaya wa mutum wa zai zo masa kuma yaushe. Ku yanke wa'adi da mai shago gwargwadon nauyin abu: wanda wayar wutarsa ke ƙauri ko shagon ƙanƙararsa ya tsaya, amsa cikin awa 2, a je a ranar, kuskuren rasit yana iya jiran kwana 3. Awannin aiki ake ƙirgawa. In mai kaya ne ya yi tafiya ya kulle gida, ka tsayar da ƙirgen, ka rubuta dalili. In kuwa ku ne ke jiran kayan gyara daga Duwala, sai jirgin ƙasa ya sauke a Ngawundare sannan mota ta ƙaraso da su, ƙirge na tafiya. Wannan jinkirin naku ne, kuma shi ne zai nuna wa mai shago abin da ya kamata ya riƙa ajiyewa a sito.

Wajen faɗin sauri kada ka tara kwanaki ka raba. Ƙorafi biyar da suka ɗauki kwana 1, 2, 2, 3 da 40, in ka tara ka raba kusan kwana 10 za ka samu, alhali ba ko ɗaya da ya yi kama da haka. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, wato kwana 2, sannan ka rubuta mai kwana 40 ɗin daban da dalilinsa.

Rufewa ba hannun mai gyara take ba. Shi ya rubuta "an yi aiki". Kai bayan kwana 3 ka kira mai kaya, in ya ce lafiya lau, sannan ka rubuta "an rufe" da ranar kiran. Ga lissafin: a ce ƙorafi 60 suka shigo a watan Yuni, an rufe 48. Malalaci zai ce kashi 80 cikin 100. Amma 9 daga cikin 48 ɗin sun dawo kafin kwana 30, saura 39 ke nan, kashi 65 cikin 100, kuma wannan za ka kai wa mai shago. A kan 60 ɗin da suka shigo ake rabawa, kuma kada ka cusa na watan Mayu da ka rufe a Yuni don adadi ya kumbura, su koma lissafin watansu. Tunda sai an jira kwana 30, adadin Yuni ba ya tabbata sai ƙarshen Yuli, ka gaya masa haka tun yanzu kada ya ce kana ɓoye wani abu. Sauran 12 da ba a rufe ba, ka kwafe su a shafi guda, mafi daɗewa a sama, da sunan ma'aikacin da kowanne ke hannunsa, ka ajiye masa a tebur duk safiyar Litinin.