Ninkin 741 ya faɗi a 10 kHz: jabu ce?

"Maigida, na haɗa amfilifaya da ai-si 741, sigina na shiga ta ƙafa ta 3, razista 100k daga ƙafa ta 6 zuwa ta 2, sai 1k daga ta 2 zuwa ƙasa. Lissafi ya ce ninki 101. A 100 Hz na samu, amma a 10 kHz bai wuce 70 ba. Ko jabu aka sayar mini?"

Ba jabu ba ce, yaro, lafiyarta ƙalau. Lissafin da ka yi ne ya ɗauka cewa ninkin ai-si ɗin ita kaɗai, kafin a saka mata razistoci, ba shi da iyaka. Alhali yana da. Mu kira shi `A`, kason da razistocinka ke mayarwa ƙafa ta 2 kuma `β`, wanda a naka ɗaya bisa 101 ne. Cikakken lissafin shi ne:

```
G = A / (1 + Aβ)
```

Muddin `Aβ` ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, razistoci ke da iko. In sigina ba ta motsi, `A` na 741 kan kai 200,000, don haka `Aβ` kusan 2,000 ne, ninkinka ya zama 100.95. Kuskuren razistocin kansu ya fi wannan giɓin girma.

To amma 200,000 ɗin nan ba ya daɗewa. Tun daga wajen 5 Hz yake fara zubewa, duk lokacin da firikwansi ya ninka goma sai ya ragu sau goma. Raba 1 MHz, wato inda `A` na 741 ke saukowa zuwa ɗaya, da firikwansin da kake aiki a kai, ka sami `A`. A 10 kHz saura 100 kacal, kai kuma kana neman 101 daga gare ta. Ina za ta samo?

In ka cusa 100 cikin lissafin kai tsaye za ka sami 50, ka ce ai ni 70 na gani. Dalili kuwa, a nan abin da ke fita yana makara da digiri 90 a kan ɗan bambancin da ke tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, saboda haka ba a tara ɗaya da `Aβ` kai tsaye. Tunda `Aβ` kusan ɗaya ne a nan, ana raba 101 da 1.42 ne, wato kusan `√2`, ya ba da 71.

Ka tabbatar da osiloskof, don ƙaramar mita ba ta faɗin gaskiya a 10 kHz. Rage siginar shiga da rabi. In ninkin ya tsaya a 70, siffar ma ba ta lalace ba, wannan ne ciwon. In kuwa siffar ta koma kamar haƙoran zarto, ta gyaru da ka rage, saurin tashin ai-si ɗin ne ya gaza, wata matsala ce daban.

Raba aikin gida biyu, kowanne da 9.1k da 1k, ninki 10.1. Kowane mataki ya sami rarar `Aβ` kusan goma a 10 kHz, asarar duka biyun ta tsaya kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗauko TL072 a akwatin can, amfilifaya biyu ne a jikinta, kuma tana kai 3 MHz a maimakon 1 MHz na 741. Sai dai jerin ƙafafunta ba irin na 741 ba ne, duba kafin ka kunna.