Kamfanin siminti ne, to ina kuɗin ruwa ya shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na sayi hannun jari 20,000 a wani kamfanin siminti, don na ga ba giya ko caca a sana'arsu. Yanzu wani abokina ya ce akwai kuɗin ruwa a ciki, wani kuma ya ce in bai kai kashi 5 cikin 100 ba, ba komai, in ci abina. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka na farko yana da gaskiya. Sayar da siminti halas ne, amma mai hannun jari abokin tarayya ne a dukiyar kamfani baki ɗaya, har da bashin da ya ci a banki da kuɗin da ya ajiye ana ba shi ruwa. Saboda haka bayan duba sana'a sai an buɗe rahoton kuɗi na shekara.

Ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne mai lamba 21 na AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci. Kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, haka ma ajiya mai ruwa, sannan kada kuɗin haram ya wuce kashi 5 na duk abin da ya shigo. Mu ƙaddara darajar kamfaninka biliyan 100 ce, bashinsa mai ruwa biliyan 24, ajiyarsa biliyan 12. Duka biyun sun tsallake. Ya samu biliyan 50 a shekara, biliyan ɗaya da rabi daga ciki ruwan ajiya ne, wato kashi 3. Nan ma ya tsallake. Sai dai in farashi ya faɗi darajar ta koma biliyan 70, wannan bashin ya haura kashi 34 ba tare da kamfanin ya ƙara cin ko sisi ba. Shi ya sa ake sake dubawa duk lokacin da sabon rahoto ya fito.

Maganar abokinka na biyu ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta. Ma'aunin nan bai ce kashi 5 na kuɗin ruwa halas ne a ci ba. Haddin nan yana amsa tambaya ɗaya ce tak: shin za ka iya riƙe hannun jarin? Kasonka na ruwan kuwa, ko kashi ɗaya ne, dole ka fitar da shi. Malaman da suka yi rangwamen a riƙe irin wannan hannun jarin ma don bukata suka yi, ganin ƙarancin kamfanonin da ba sa taɓa ruwa, kuma ba kowa ya bi su ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce asali haramun ne shiga kamfanin da ke mu'amala da ruwa jefi-jefi, ko da sana'arsa halas ce. Ma'aunin AAOIFI kuwa rangwame ne da sharaɗi. Amma sai ka ga wani da bai taɓa buɗe rahoton kamfani ba yana yaɗa jerin "kamfanonin halas" a waya, ba kwanan wata, ba sunan malaman da suka duba, ya tsinke rangwamen ya yar da sharaɗin. Mutane kuma na ta turawa.

Ga lissafinka. A ce hannayen jarin kamfanin biliyan 10 ne. Raba biliyan ɗaya da rabi da biliyan 10, kowane hannu ya tashi da 0.15. Naka 20,000, kasonka 3,000 ke nan. A ma'aunin AAOIFI wanda hannun jarin ke hannunsa a ƙarshen shekarar kuɗi shi zai fitar, ko an raba riba ko ba a raba ba, ko da asara kamfanin ya yi. Wasu malamai daga ribar da aka raba kawai suke cire kason: an ba ka 10,000, ka cire kashi 3, wato 300. Tazarar babba ce. Ni na fi natsuwa da na farko, domin ruwan da ba a raba ba yana nan cikin kamfanin yana ƙara wa hannun jarinka daraja.

Kuɗin nan a aikin alheri ko hannun mabukata za su tafi, da niyyar rabuwa da abin da ba naka ba. Kada ka lissafa su cikin zakka, kada ka biya haraji ko bashinka da su, kada kuma ka bai wa wanda ciyar da shi ke wuyanka, don amfanin ya dawo maka ta bayan gida. Ka nemo rahoton bara ka fara da shi. In ka ga bashin ya haura haddi, ka sayar ba jan ƙafa, kuma kason shekarar da ka riƙe har ƙarshenta yana nan a kanka.