Kuskuren lissafi daren taron shugabanni

"Don Allah akwai wanda ya taba kama kuskure a kasafin kudi ana gobe taron shugabannin kamfani? Ya aka kare?"

Ni ya faru da ni, wata na hudu kenan ina akanta a wani kamfanin abincin kaji a Sabon Gari. Wajen karfe goma na dare ina daki a Samaru, an dauke wuta, ina sake duba kasafin a laftof sai na ga jimlar kashe kudi miliyan 48, alhali kalkuleta na ba ni 54. Na buga sau uku wallahi, tazarar miliyan 6 cif, wato daidai kudin dizal din janareta.

Da na danna kan jimlar ga abin da na tarar:

```
=SUM(C5:C18)
```

Ashe layin dizal daga baya aka kara shi a layi na 19, kasa da inda lissafin ya tsaya, shi ya sa Excel bai hada da shi ba, kuma bai nuna ja ba tunda a wajensa lissafin daidai ne. Ribar miliyan 4 da za a nuna wa shugabanni, asarar miliyan 2 ce.

Ban taba ainihin fayil din ba, kwafi na yi na mayar da C18 din da ke cikin lissafin zuwa C19 sannan na kira oga, gabana na faduwa don shi ya kara layin da hannunsa. Na ce ranka ya dade a yi hakuri da kiran dare. Ya yi shiru, can ya ce "turo min, kuma ka rigani zuwa ofis, takardun nan sai an sake bugawa."