Na ƙara adireshi na biyu, amma amsa tana fita da na asali

Tambaya: Malam, na ƙara adireshin kasuwancina a cikin Gmail ɗina, sabon saƙo yana tafiya da shi lafiya lau. Amma in na amsa wa mai saye, wani lokaci sai ya ga adireshina na asali. Me ke kawo haka?

Amsa: Malama, akwatinki ɗaya ne, sunaye biyu kawai kika ba shi. Duk lokacin da kika danna Reply, Gmail ne ke zaɓar sunan da zai sa a layin From, kuma in ba ki ce masa komai ba, na asali yake ɗauka.

Gyaran farko a kwamfuta ake yin sa. Ki shiga Settings, sai See all settings, sai Accounts and Import. A ƙarƙashin Send mail as akwai wurin da aka rubuta When replying to a message. Ki ɗauke zaɓin daga Always reply from default address ki mayar da shi kan Reply from the same address the message was sent to. Mafi yawan masu wannan kuka a nan matsalarsu take ƙarewa.

To amma kin ce "wani lokaci", kuma wannan kalmar ce ta sa nake zargin akwai saura. Gmail yana gane adireshin da aka aiko wa ne daga abin da ke rubuce a kan saƙon. A ce adireshinki na asali suna@example.com ne, na kasuwa kuma oda@example.com. Mai saye ya rubuto kai tsaye zuwa oda@example.com, amsa za ta fita da shi. Washegari dillali ya aika wa mutum 20 farashin kaya, ya ɓoye su duka a Bcc. Saƙon ya iso gare ki, amma babu oda@example.com a To ko Cc, don haka amsar tana iya komawa kan na asali. Haka abin yake da saƙon da aka turo daga wani akwati da ba ki ƙara a Send mail as ba. Don ki tabbatar, buɗe saƙon, danna ɗigo uku na gefe, ki zaɓi Show original, ki duba layin To.

Sai waya. Idan da wata manhaja kike karanta saƙonni ba ta Gmail ba, wannan saitin bai shafe ta ba, nata take bi, sai kin ƙara adireshin a cikinta daban.

In duk aikin akwatin nan na kasuwa ne, ni da zan danna make default a gefen oda@example.com in huta. In kuwa gauraye yake da saƙonnin 'yan uwa, to kafin ki danna Send, ki taɓa layin sunan wanda kike amsa wa: layin From zai bayyana, ki sauya shi a nan.