Tambayi Likita: Manja da madara ba sa kashe dafin maganin feshi

"Likita, zan iya haɗa kayan da maigidana ke feshi da su da na yara wurin wanki?" Wata uwargida, Aboabo

A'a, Hajiya. Ki ware musu bokiti, ki sa safar hannu ta roba, ki wanke da omo ranar da aka yi feshin, ki ɗauraye sau biyu, ki shanya a rana. Rigar da tsuran magani ya jiƙa kuwa, ba ta wankuwa, a rabu da ita.

"Ina noman kabeji a Gyinyase. Na kan sha madara bayan feshi, in jiri ya kama ni in ƙara da manja in yi amai. Ya isa?" Wani manomin lambu

Malam, wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali. Yawancin maganin ta fata yake shiga jikinka, musamman lokacin haɗi, sa'ad da yake tsura, da kuma ta baya in tanki na yoyo. To madarar da ke cikinka ina ruwanta da abin da ya riga ya shiga jini? Manja ya fi muni. Magungunan ƙwari irin su kulofirifos cikin mai ake narka su. In ka tilasta amai, man na iya faɗa wa huhu ya ƙona shi.

Jirin nan alamar guba ce. In ya zo da zufa, dalalar miyau, gudawa, rawar tsoka, ko ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, ka tuɓe kayan, ka yi wanka da sabulu, a kai ka asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ko mafi kusa, da kwalbar maganin a hannu. Takardar jikinta ce za ta nuna mana ko allurar atirofin ce maganin. Kada a jira gari ya waye. Dafin nan numfashi yake tsayarwa. A tafi asibiti.

Wurin haɗi, zuba ruwa rabin tankin mai lita 15, auna abin da takarda ta ce da kofin awo, sannan ka cika. Da sanda ake juyawa. Masu ɗanɗanawa da harshe don su ji ƙarfinsa, don Allah ku bari! Yi feshi da sassafe, iska na bayanka, da doguwar riga da takalmin roba.

"Bakin injina ya toshe, in hura da baki?" Wani matashi, Asawase

Haba! Kwance shi ka wanke da ruwa da tsohon buroshi.

"Na sayi magani a gorar lemo, ina zan ajiye?" Wani dattijo

Baba, irin gorar nan ce yara ke ɗauka su kurɓa, kuma in maganin ciyawar nan parakwat ne, kurɓi ɗaya na iya kashewa. Saya a kwalbarsa ta asali mai rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, ka kulle a akwati nesa da abinci da ɗakin kwana. In yaro ya taɓa ta da baki, asibiti nan take, ko da yana wasansa.