Abin da ya kamata ya fara fitowa a darasin awon hawan jini

"Ina shirya faifan darasi na majigi don koya wa ma'aikatan lafiya awon hawan jini, me zan sa a gaba?"

Malama, ki fara da hoton zaman mara lafiya: ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da zuciya, kuma babu magana yayin awo.

Sai ki ba girman madaurin dantse shafi guda, domin ƙaramin madauri a kan dantse mai kauri yana ɗaga sakamakon, har a ɗora lafiyayye kan magani. Na sha ganin haka, shi ya sa nake dakatar da majigin, in miƙa wa ɗalibai tef su auna dantsen juna kafin mu wuce.