Akwatin iyafis ɗina ya kumbura, in huda batirin ko in ci gaba da caji?

*"Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwatin cajin iyafis ɗina na bulutut ya kumbura ta baya, murfin ma ya daina rufuwa, amma har yanzu yana ɗaukar caji. Wani abokina ya ce in buɗe in huda batirin da allura iskar ta fita, wani kuma ya ce in sa shi a firji. Wanne zan bi?"*

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya. Kafin ka ƙarasa karanta wannan ma, in yana jikin caja ka zare shi, ka fitar da 'yan kunnen biyu daga ciki, ka ajiye akwatin a kan siminti a inuwa, nesa da katifa da labule. Na yi shekaru ina gyaran waya da sifiku, kuma tabon da ke babban yatsana na hagu irin wannan batirin ne ya bar min shi.

Batirin da ke cikin akwatinka na litiyam ne, mai kama da 'yar jakar leda mai ruwan azurfa. A jikinsa za ka ga an rubuta 3.7V, da kuma wani abu kamar 300mAh ko 400mAh. A cikin jakar akwai siraran faifai biyu da aka naɗe tare, a tsakaninsu an sa wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ce ke hana su taɓa juna. Duka suna jiƙe da wani ruwa mai kama wuta. Idan batiri ya sha zafi, ko cajin ya wuce 4.2V da aka yi masa iyaka, ko aka bar shi ya mutu murus na watanni sannan aka tashe shi, ruwan nan sai ya fara lalacewa ya zama iska. Jakar a liƙe take, iskar ba ta da mafita, shi ne kumburin da kake gani. To ka ga ko da ka fitar da iskar, ruwan da ya lalace ba zai dawo ba. Batirin ya riga ya gama aiki, ɗaukar cajin da yake yi kada ya ruɗe ka.

Abin da allura ke yi kuwa shi ne ta ratsa ledar tsakiyar nan ta haɗa faifan biyu, duk wutar da ke ciki ta bi ta wannan ɗan wurin lokaci guda. Ni ba da allura na gani ba, da sukudireba ne. Wani mai shayi ya kawo min ƙaramar sifikarsa, wadda muke kira em-fi, ya ce ba ta riƙe caji. Kullum a kan teburinsa take kusa da risho, kuma kwana take a wurin masu caji. Da na ɗora ta a kan tebur sai na ga tana rangaji, gindinta ya fito kamar cikin ƙwarya. Na kwance ta, na tarar da batirin 1200mAh ya yi suntum, an manne shi da gam. Maimakon in nemi abin roba, sai gaggawa ta sa na zura bakin sukudireba ƙarƙashinsa na ɓanɓara. Na ji "tsss", wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na ruwan goge jan farce ya buge ni, kafin in ankara farin hayaƙi ya turnuƙe shagon. Da yatsa na ture shi ƙasa. Allah ya taimake ni daɓen siminti ne, kuma galan ɗin fetur na janareto yana waje. Mai shayin ya ce da ni ai daren jiya ya cika ta da caji, shi ya sa ta yi wannan ƙarfin: batirin da ke cike ya fi wanda ya sauka saurin kamawa da kuma zafin ci.

Maganar firji ba sai mun daɗe a kanta ba. Sanyin firji ba ya mayar da iskar nan ta koma ruwa, in ka fito da shi kuma raɓa ta kwanta a kan allon wutar. Ga shi ka ajiye guba kusa da abinci.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina da gwangwanin madara babba, na zuba busasshen yashi zuwa rabi. Duk abin da ya kumbura a ciki nake binne shi, in ɗora murfin sakwa-sakwa ba tare da na danne ba, don in iska ta fito ta sami hanya. Gwangwanin yana waje a inuwa. Kai ma haka za ka yi da akwatin gaba ɗayansa, kada ka buɗe shi, kada kuma ka matse murfin da roba ko salatif don ya rufu, matsi ma yana iya yaga ledar cikin. In za ka kai wa mai gyara, ɗauke shi a gwangwanin, ba a aljihun wando ba, ka kuma tsaya ka ga yadda yake aiki. Wanda ya san abin da yake yi da abin roba zai ɗaga batirin, zai yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya ba tare ba, ya naɗe bakin kowacce da salatif. In ka ga ya ɗauko wuƙa ko ya kunna abin hura zafi a kan batirin, karɓe kayanka.

Akwai alamun da in ka gansu ba batun jira ba ne: warin nan da na faɗa, zafi alhali ba a caji ake ba, ƙarar tsss, ko danshi a bakin wurin caji. In hayaƙi ya fara, kada ka kama da hannu. Ka ture shi waje da tsintsiya ko shebur, ka fitar da yara, kada ku shaƙa, hayaƙin yana ƙona maƙogwaro da huhu. Ɗan ƙaramin batiri irin wannan, in ba a jikin soket yake ba, ruwa mai yawa ko yashi ya ishe shi. Sai dai ka bar shi a waje har gobe, don yana iya sake tashi bayan ka ɗauka ya mutu.

'Yan kunnen kuma ka duba su da kyau. Batirinsu ƙanana ne, wajen 30mAh zuwa 50mAh, amma a cikin kunnenka suke zama. In ɗinkin robar ya buɗe, ko ɗaya ya daina zama daidai a gurbinsa, ko yana ɗumi a kunne, ka haƙura da shi. In lafiyarsu ƙalau, ana iya canza batirin akwatin kawai, muddin an sami mai girma ɗaya da lamba ɗaya. Amma a gaskiya irin masu arahar nan, sau da yawa abin da ke tsayar da cajin ne ba shi da kirki, sabon batirin ma bayan 'yan watanni zai kumbura. Ni nakan ce wa mutum ya sayi wani.

Masu manyan sifiku, ku kuma taku daban ce. Da yawa daga cikinsu batirin ƙarfe ne dogo a ciki, wanda ake kira 18650, shi kuma ba ya kumbura yadda ido zai gani. Alamarsa tsatsa ko farin gari a kansa, da zafi lokacin caji, da mutuwa bayan minti kaɗan.

Wanda ya mutun kada ka jefa shi a bola. Ka san a unguwanninmu wuta ake cinna wa shara, yara kuma suna tono a ciki. Ka mayar wa mai gyaran da ke tara matattun batura, ka gaya masa a fili cewa kumburarre ne. Sabon da za ka saya kuwa, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ka daina barin sa a gaban mota ko bakin taga, kuma in ka dawo da shi daga rana ka bari ya huce kafin ka sa caji.